Malam Birki da Motar Nesa

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Malam Birki ake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Ya samo sunan ne a makarantar koyon tuƙi inda ya yi aiki tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Motar makarantar tana da birki biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya na malami, kuma duk wanda ya koya a hannunsa zai gaya maka nasa birkin ado ne kawai. Kafin ɗalibi ya hango rami, Malam ya taka. Kafin akuya ta yanke shawarar tsallaka titi, Malam ya taka. Akwai wata ma'aikaciyar banki da ta rantse cewa sai da ta karɓi lasisi ta shiga motarta ita kaɗai sannan ta gane ashe mota ba ta tsayawa da kanta.

Dogo ne, siriri, mai yawan gyaran murya kafin magana. Ya koya wa rabin unguwa tuƙi, amma shi bai taɓa mallakar mota ba. Rashin kuɗi na ciki, amma bai kai rabin dalilin ba. Matsalar ita ce Malam ya san mota fiye da yadda ya kamata mai son saye ya sani. Idan aka kai shi ganin wadda za a sayar, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa, ya bi jikinta da tafin hannu yana neman inda aka yi ciko aka shafe da fenti. Ba a taɓa yin motar da ta tsallake wannan jarrabawa ba. Maƙwabcinsa mai kemis yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ya daɗe yana son rabuwa da ita, kuma ya sha yi wa Malam tayi a kan farashin maƙwabtaka. Duk lokacin da aka yi maganar sai Malam ya sake duba ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Giyarta na ƙara idan an shiga ta biyu."

"Malam, ai tun bara ka faɗa min."

"To, ba ta daina ba."

Matarsa tela ce. Ɗakin da ke kusa da ƙofar gida shi ne shagonta: keken ɗinki a gindin taga, dogon madubi jingine da bango, yadi a ko'ina. Daga nan take jin duk abin da ake faɗa a kan bencin ƙofar gida, ko tana so ko ba ta so.

Da 'yarsu ta fara aiki, sai ta saya masa babbar waya. Cikin ɗan lokaci Malam ya gano shafukan da ake tallan motoci, ya zama ba shi da wata hira da yamma sai su. A nan ya samu motocin da zai duba ba tare da ya ɓata wandonsa ba. A nan ne kuma ya fara cin karo da 'yan damfara, bayan wani tsohon ɗalibinsa ya zo masa ido jawur, ya biya kuɗin motar da ba a taɓa kawowa ba. Malam ya karɓi wayar mutumin, ya karanta hirar tun daga farko har ƙarshe, ya sake karantawa. Daga ranar ya ɗauki abin kamar wani darasi da aka ƙara masa a manhaja.

Ya ƙware kuwa, babu mai musu. Ya gane cewa labarin ɗaya ne, riga kawai ake canza masa. Mota mai kyau, farashi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba. Mai ita kullum yana can wata uwa duniya: an yi masa canjin wurin aiki, ko ya bar ƙasar, ko yana jinyar wani. Da ka yi magana zai ce ku bar shafin ku koma hira ta waya. Ganin motar ba zai yiwu ba, kiran bidiyo ma sabis ba kyau. Amma kada ka damu, akwai kamfanin dako da zai riƙe kuɗinka amana ya kawo maka ita har ƙofa, idan ba ta yi maka ba a mayar maka. Sai dai ka hanzarta, don mutane na layi. Malam ya koyi yadda ake ɗaukar hoton talla a saka a injin bincike a ga inda aka sato shi. Ya koyi cewa hoton katin shaida da na takardun mota da suke turowa ba hujja ba ne, don galibi na wani ne da suka damfara a baya.

Bencin ƙofar gidansa ya zama ofis. Mutane su zo da waya a hannu, Malam ya gyara tabarau, ya gyara murya.

"Ka gan ta da idonka? A'a. Kana da wanda zai je ya taɓa ta? A'a. Ka ce ya rubuta kwanan watan yau a takarda ya ɗora a kan gilas ya ɗauko maka? To je ka ce masa, ka dawo mu ji uzurin."

Ba ya karɓar ko kwabo. Ladansa shi ne kallon da yake yi wa mutum ta saman tabarau idan uzurin ya iso daidai yadda ya faɗa.

Wanda ya fi shan wannan kallo shi ne ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Auta duk da yana da 'ya'ya uku da shagon kayan lantarki. Auta ya zo wata rana yana rawar jiki, ya samu mota a rabin kuɗi, mai ita injiniya ne da aka tura aiki a teku. Malam bai jira ya gama ba. A gaban mai kemis da wasu mutum biyu ya binciko hoton, ya nuna masa motar nan a tallace-tallace daban-daban, kowanne da garinsa, kowanne da injiniyansa.

"Auta, wannan motar ta fi ka yawo. Idan kana son mota, sayi wadda za ka iya harbin tayarta da ƙafarka."

Aka yi dariya. Auta ya yi godiya, don an cece shi, amma ya daɗe bai sake zama a bencin ba. Da daddare matar Malam ta ce masa, "Ka kyauta, amma da ka ja shi ciki ka gaya masa."

"Gaskiya ba ta buƙatar ɗaki."

"Ita ba ta buƙata. Shi yana buƙata."

Shekarar da mai makarantar ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da filin aka fara gina shaguna. An sallami Malam cikin mutunci, an ba shi haƙƙinsa a dunƙule. A karo na farko a rayuwarsa ya zama yana da kuɗin mota, kuma ba shi da motar da zai shiga da safe. Ya riƙa tashi da wuri kamar da, ya yi wanka, ya sa kaya, ya zauna a benci yana kallon tsofaffin ɗalibansa suna wucewa suna yi masa hon. Wasu ko sigina ba sa bayarwa a kwana.

A wannan zaman ne ya gan ta. Fara ce, mai dogon baya, ƙirar da ya fara koyar da tuƙi a cikinta yana saurayi, sai dai wannan kamar ba a taɓa barinta a rana ba. Kujerun ba tsaga, sitiyarin bai goge ba. Farashin bai wuce rabin abin da ake sayar da irinta ba. Mai tallan mace ce, ta rubuta cewa ta mijinta ce da ya rasu, ita kuma ta koma can arewacin ƙasar wajen danginta, ganin motar na tayar mata da hankali.

Malam ya yi murmushi. Ya san wannan rigar. Ya rubuta mata ne don nishaɗi, yadda ya saba yi wani lokaci don ya ɓata musu lokaci ya samu labarin da zai ba mutane. Ta amsa cikin ladabi, ta ce ba ta iya shafin sosai ba, ko zai ba ta lambarsa. Ya ba ta. Ya gabatar da kansa a matsayin tsohon malamin tuƙi, don ta san da wa take magana.

Amsar ta ɗan jima kafin ta zo. Ta ce ya yafe mata, kuka ne ya ci ƙarfinta. Marigayin ma malamin tuƙi ne. Ta ce mutum ne mai tsantseni, bai taɓa barin kowa ya ja motar ba, kuma mutane sun sha yi masa dariya saboda taka-tsantsan. Ta ce da ma addu'arta motar ta faɗa hannun wanda ya san darajarta, ba yaran da za su kashe ta a wata guda ba.

Malam ya ajiye wayar a cinya ya daɗe yana kallon titi. Bai tuna cewa shi ne ya fara ambatar sana'arsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ashe a can nesa an yi wani mutum irinsa, kuma matarsa ta fahimce shi.

Kada a ce bai yi bincike ba. Ya yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake koya wa mutane. Ya saka hotunan a injin bincike, ba abin da ya fito, sai hankalinsa ya kwanta, ya manta cewa shi da bakinsa ya sha faɗa wa mutane rashin samun hoto ba shaida ba ne. Ya nemi kiran bidiyo, ta ce kyamarar wayarta ta fashe, ta turo saƙon murya maimakon haka, murya mai sanyi ta mace mai shekaru. Ya nemi takarda mai kwanan wata a kan gilas, ta ce ai motar tana rumbun kamfanin dako tun makon jiya, sun rufe sun sa hatimi, wani mai saye ne ya sa aka kai sannan ya janye. Ya ce zai zo da kansa ko ya turo mutum, ta ce kamfanin ba ya buɗe rumbu sai ranar lodi. Kowane uzuri ya san shi kamar sunan 'ya'yansa. Amma da yake wannan karon shi ake ba, sai ya ga kowanne yana da ma'ana. Waya tana fashewa. Kamfanoni suna da dokoki. Farashi kuwa, wa ya ce mai baƙin ciki ta san kasuwa?

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa. A hoton, murfin tankin mai yana gefen da bai saba gani ba a wannan ƙirar. Ya yi shekaru yana shan mai a irinta, ya san gefen da ake juyawa wajen famfo. Ya dubi hoton, ya sake duba, ya ce a ransa wataƙila ta wata shekarar ce.

Kamfanin dakon ya turo masa saƙo mai tambari da hoton babbar mota da lambar bibiyar kaya. Za su riƙe kuɗi amana, yana da kwanaki ya gwada motar, idan bai gamsu ba a mayar masa. Abin da ake buƙata yanzu kaso ɗaya cikin uku ne da kuɗin dako. Matar ta ce wani dillali na matsa mata, amma ita ta fi son Malam, sai dai ba za ta iya riƙe masa motar fiye da gobe ba. Asusun da aka ba shi ba sunan kamfani ne a kai ba, sunan wani mutum ne. Ya tambaya, aka ce wakilinsu ne na yankin. Malam ya gyara murya, shi kaɗai a benci, ya tura.

Bai gaya wa kowa ba. Yana so ne kawai wata safiya unguwa ta tashi ta gan ta a ƙofar gida. Amma mutumin da ya yi shekaru bai taɓa tsintsiya ba ya fara share gefen katanga, ya kwashe tsofaffin bulo, ya je kasuwa ya dawo da tamfol da makullin sitiyari. Matarsa ta dube shi ta taga, ta ci gaba da taka keke. Sai a rana ta biyu, da ta ga yana auna faɗin wurin da taku, ta kira shi.

"Malam, shigo ka riƙe min bakin yadin nan."

Ya shiga ya riƙe. Ta yanka a hankali, ba ta dube shi ba.

"Makullin sitiyari na gani. Ina sitiyarin?"

Ya gaya mata. Ya gaya mata da kyau, har da marigayin da tsantseninsa, ya nuna mata hotunan. Ta goge hannu ta karɓi wayar. A daidai lokacin saƙo ya shigo daga kamfanin: an tsayar da motar a hanya, sai an biya kuɗin inshorar dako, wanda za a mayar masa gaba ɗaya ranar da kaya suka iso. Ta karanta a fili, ta miƙa masa.

"Ni ban san mota ba," ta ce. "Amma shekara nawa ina jin ka ta tagar nan. Ka gan ta da idonka?"

"Wannan daban ce."

"Kana da wanda ya taɓa ta?"

"Na ce miki tana rumbu."

"To. Ita ce ta fara cewa mijinta malamin tuƙi ne, ko kai ka fara cewa kai malamin tuƙi ne?"

Malam ya duba wayar. Ya ja hirar sama da yatsa, ya daɗe yana ja. Ya samu wurin. Ya zauna a kan kujerar da masu kawo ɗinki ke zama, wayar a hannunsa, hoton motar a buɗe. Dogon madubin na gabansa, kuma a cikinsa ya hango hoton a juye. Murfin tankin ya koma inda ya san shi.

Ya shiga wajen gyaran hoto ya juya shi hagu zuwa dama, ya sake sakawa a injin bincike. Wannan karon ta fito. Tsohon talla ne na wata ƙasa inda ake tuƙi a ɗaya gefen titi, an sayar da motar tun shekarun baya. Sun juya hotunan ne don sitiyari ya dawo gefen da aka saba a nan, suka yanke duk inda rubutu ko lamba za ta tona su. Aiki ne mai tsafta, har Malam ya ji kansa yana cewa, "Sun iya."

"Nawa ka tura?"

Ya faɗa. Ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Tashi ka sa takalmi. Banki ba su tashi ba tukuna."

A banki, wadda ta saurare shi ta kira shi Malam tun kafin ya zauna, don shi ya koya mata tuƙi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ta yi iya ƙoƙarinta, ta aika wa bankin da aka tura kuɗin, amma ta gaya masa gaskiya: irin wannan asusun ana kwashe shi ne cikin awa guda, kuma sunan da ke kai sau da yawa na wani ne da aka ara ko aka saya. Suka je wajen 'yan sanda aka rubuta. Ya kai ƙarar tallan a shafin, aka sauke shi. Matar mai sanyin murya ta turo saƙo biyu tana tambayar ko lafiya, ta ce marigayi ba zai ji daɗin wannan jinkiri ba, daga nan lambar ta daina shiga. Bayan mako guda wani ya kira ya ce shi jami'in dawo da kuɗin waɗanda aka damfara ne, abin da ake buƙata ɗan kuɗin buɗe fayil ne kawai. Malam ya kashe wayar, amma matarsa ta lura sai da ya saurari mutumin har ƙarshe.

Ita ba ta gaya wa kowa ba. Tamfol da makullin sitiyari ne suka yi magana, da kuma ganinsu a ofishin 'yan sanda. Malam ya daina zama a benci, ya ce rana ta yi yawa a wurin.

Wata safiya ya ji hon a ƙofar gida, irin hon ɗin da ya sani. Ya fito ya tarar da motar mai kemis, ruwan toka, an wanke ta, Auta a ciki yana murmushi.

"Yaya, na bi shawararka. Na harbi tayar da ƙafata, duka huɗun."

Malam ya dubi motar. Da abin da ya rage masa, da zai iya sayenta har ya gyara giyar.

"Tana ƙara idan an shiga ta biyu," ya ce.

"Na ji. Bakanike ya ce ƙaramin aiki ne." Auta ya fito ya rufe ƙofa, ya rage murya yadda ko yayarsa ba za ta ji ta taga ba. "Yaya, alfarma nake nema. Maman yara na son koyon tuƙi, ni kuma ba ni da haƙuri. Akwai matan layinmu su ma suna tambaya. Motar tana zaune duk safiya. Idan za ka karɓa, sai mu yi tsari."

Auta bai ambaci damfarar da aka yi wa Malam ba, ko da ido. Malam ya jira maganar, ya shirya mata, ba ta zo ba. Ya gyara murya ya ce zai duba. Washegari ya fara. Makullin sitiyarin ya ba Auta kyauta, tamfol ɗin kuma matarsa ta yi rumfa da shi a tsakar gida.

Sannu a hankali ya koma benci, mutane kuma suka koma kawo masa wayoyinsu, har sun fi da. Tambayoyin ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne yanzu idan ya ga idon mutum ya riga ya shiga motar, sai ya ce masa su ɗan taka zuwa bakin titi, ya gaya masa a can.

Bayan wasu watanni wani tsohon ɗalibinsa, malamin makaranta, ya tsaya da babur ya miƙo waya. Fara ce, mai dogon baya. Yanzu tana kudu, mai ita kuma soja ne da za a tura waje, kuma an ɗan ƙara mata kuɗi. Malam ya dube ta fiye da yadda ake buƙata. Har yanzu kujerun ba tsaga.

"Kada ka tura ko sisi," ya ce, ya mayar masa da wayar.

"Malam, ko bincikawa ba ka yi ba."

"Na san masu ita. Mun taɓa ciniki."

Malamin ya jira ƙarin bayani. Malam Birki ya matsa masa wuri a benci, ya ce ya kashe babur ɗin tukuna, mai yana ƙonewa a banza.